Dafa-duka Daga Mutum 4 Zuwa Baƙi 60: Abin Da Ake Ninkawa Da Abin Da Ake Dubawa

Lissafin farko ba ya ba kowa wahala. A raba 60 gida 4, a sami 15, ke nan duk abin da ake zubawa a tukunyar gida sai a ninka shi sau 15. Da wannan lissafi mata da yawa suke tunkarar girkin suna ko na walima, kuma rabinsa daidai ne. Sauran rabin shi ne ke jawo shinkafa ta caɓe a tsakiya, ta kama a gindi, ta ƙi nuna a sama, duk a tukunya guda, alhali mai girkin nan kowa a gidan ya shaida ta iya hannu. Dalili shi ne abinci ya ƙaru sau 15, amma tukunya da wuta ba su ƙaru haka ba. Wanda ya gane wannan ya gane yawancin sirrin girkin taro. Za mu bi shi da dafa-dukar shinkafa da nama, don ita ce aka fi ɗorawa a taro, kuma ita ce ba ta yafe kuskure, tunda ruwa da mai da gishiri duk a tukunya ɗaya suke haɗuwa, ba kamar shinkafa da miya ba da za a iya gyara kowace daban.

Kafin a ninka komai, sai an san abin da ake ninkawa. A gida da ido ake girki, a ɗebo gishiri da yatsu, a tsiyaya mai har hannu ya ce ya isa. Ido ba ya ninkuwa. Saboda haka mako guda kafin taro, a yi girkin nan na mutum huɗu kamar yadda aka saba, amma a auna kowane abu kafin ya shiga tukunya, a rubuta. A yi shi da irin shinkafar da za a dafa ranar taron, daga buhu ɗaya in da hali, domin shinkafa ba halinta ɗaya ba. Sabuwa da aka casa bana ba ta shan ruwa kamar wadda ta kwana biyu a ajiye, kuma 'yar gida da ta kamfani kowace da yadda take so.

Bari mu ɗauka ga abin da aka rubuta. Shinkafa rabin kilo, wato kusan gwangwanin madara huɗu. Nama rabin kilo. Tumatir matsakaita huɗu, tattasai biyu, attarugu biyu, babbar albasa ɗaya. Man gyaɗa mililita 100. Gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, dunƙulen magi uku, har da wanda aka sa wajen tafasa nama. Kori da tayim rabin cokalin shayi kowanne, da ɗan citta da tafarnuwa. Ruwa kuwa, in aka haɗa romon nama da ruwan da aka ƙara, lita ɗaya. Naki girkin zai iya bambanta da wannan, ba komai. Hanyar lissafin ce abin ɗauka.

Abin da ake ninkawa kai tsaye

Duk abin da ciki ke ɗauka ana ninka shi ba gardama. Shinkafa rabin kilo sau 15 ta zama kilo 7.5. A kasuwannin Kano, inda buhun hatsi mai kilo 100 ake ƙiyasta shi kwano 40, kwano ɗaya yana kai wa kilo 2.5, don haka shinkafar taronmu kwano uku ce. Sai dai mudu da kwano da tiya ba girmansu ɗaya ba daga gari zuwa gari, har daga mai awo zuwa mai awo, don haka gara a ɗora a sikeli tun a kasuwa. Nama ma kilo 7.5 ne, tumatir kusan kilo 6, tattasai 30, albasa 15.

A wajen nama akwai abin lura ɗaya. Baƙo ba ya ganin kilo, yanka yake gani. A faɗa wa mahauci adadin da ake so tun kafin ya sa wuƙa: in yanka biyu-biyu za a ba kowa, ana bukatar 120, a ƙara 20 saboda wanda zai dagargaje da wanda masu aiki za su taɓa. Kilo 7.5 zai ba da hakan in kowane yanka ya ɗan haura giram 50, kuma a tuna nama yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku bayan tafasa da suya.

Su kansu baƙi 60 ɗin, a tambayi mai taro yadda ya ƙirga su. A gidan suna akwai kwanon maƙwabta, da tiren da za a fitar zaure, da matan da suka zo taya aiki tun asuba, da almajiran da za su tsaya a ƙofa. In ba a sa waɗannan cikin 60 ba, to girkin na mutum 70 ne ko fiye, sai a ninka sau 17 ko 18. A nan za mu tsaya a kan 60 cif, don lissafi ya fito fili.

Tukunya

Busasshiyar shinkafa kilo 7.5 ba ta da wani yawa a ido, ba ta wuce lita 9 ba. Amma in ta sha ruwa ta nuna takan kumbura kusan sau uku, ta kai lita 26 ko kusa da haka. Wannan shi ne girman da za a nema wa tukunya, ba na ɗanyar ba. Kuma ba a son dafaffen abinci ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunya, domin ana bukatar wurin da tururi zai taru a ƙarƙashin murfi, da wurin da muciya za ta juya ba tare da shinkafa ta zube a wuta ba. Ke nan tukunya mai cin lita 40 ake nema.

Lambar da ke jikin tukwanen dalma na maƙera ba lallai ta zama adadin lita ba, kuma lambar wannan maƙeri ba dole ta yi daidai da ta wancan ba. Hanya mafi tabbas ita ce a auna da ruwa. Jarka mai lita 25 in aka juye ta gaba ɗaya a tukunyar, ruwan ya tsaya ɗan sama da rabi, wajen kashi biyu cikin uku, to tukunyar ta yi. A lura da inda ruwan ya tsaya, domin kusan nan ne dafaffiyar shinkafa za ta kai. In aron tukunya za a yi, a je da jarkar gidan masu ita, kada a bari sai ranar taro a gane ta yi kaɗan.

Yanzu ga inda lissafin sau 15 yake karyewa. Tukunyar gida ta mutum huɗu faɗin bakinta kamar santimita 20 ne. Ta lita 40, in mai miƙaƙƙen jiki ce, faɗinta kamar santimita 45, zurfinta 25. In aka kwatanta filin gindin wannan da na waccan, babbar ta fi ƙaramar sau biyar ne kawai. To ina ragowar abincin ya tafi? Ya hau sama. A ƙaramar tukunya kaurin dafaffiyar shinkafa daga gindi zuwa sama bai fi santimita biyar da rabi ba. A babbar ya kai 16, wato ninki uku. Faɗi sau biyar, tsawo sau uku, shi ne ya ba da 15.

Wannan ƙaramin lissafi shi ne ke bayyana kusan duk matsalar girkin taro. Ta gindi zafi yake shiga, kuma gindin da ya ƙaru sau biyar ne zai ciyar da abincin da ya ƙaru sau 15. Ta baki tururi yake fita, shi ma sau biyar ya ƙaru. Shinkafar ƙasa kuma tana ɗauke da nauyin ta sama ninki uku, ga ta kusa da wuta, ga ruwa yana gangarowa gare ta, shi ya sa take narkewa tun ta sama tana da tauri. Don haka in aka ba ki zaɓi tsakanin tukunya mai faɗi da mai zurfi, duk masu cin lita ɗaya, ɗauki mai faɗin. Mai zurfi ta farfesu ce da kunu.

A ganina ma, ga wadda ba ta saba ba, tukunya biyu masu lita 25 sun fi ɗaya mai lita 40. Kowace ta ɗauki kwano ɗaya da rabi. Kaurin shinkafar zai ragu, juyawa za ta yi sauƙi, kuma mutum biyu za su sauke ta ba fargaba, alhali babbar in ta cika nauyinta ya haura kilo 20 ban da nauyin dalmar, ga ta da zafi. Abin da ya fi wannan duka, in aka ɗora ta farko da ratar rabin awa, duk abin da aka gani a kanta, ruwa ne ya yi yawa ko gishiri ya gaza, sai a gyara a ta biyu. Kuɗin da za a biya shi ne ƙarin itace da ƙarin ido a kan murhu. Ina ganin ya cancanta.

Ruwa

Ruwan da ake zuba wa shinkafa gida biyu yake rabuwa: wanda ƙwayar ke shanyewa, da wanda ke tashi ya bi iska. A girkinmu na gida, cikin lita ɗayan nan, shinkafa rabin kilo takan sha kamar kashi uku cikin huɗu, ragowar kwata ɗin ya tafi a tururi. Wanda take sha yana ninkuwa sau 15 daidai, ya zama lita 11 da ɗan ɗoriya. Wanda ke tashi kuwa bakin tukunya yake bi, don haka sau biyar zai ƙaru, ko a ce shida ko bakwai tunda babbar tukunya ta fi daɗewa a wuta. Wannan bai kai lita biyu ba. Jimla ke nan wajen lita 12 da rabi zuwa 13, ba 15 ba.

Bambancin lita biyu ba ya kama da abin tsoro a tukunya mai lita 40, amma shi ne tsakanin shinkafa warawara da wadda za a iya mulmulawa. Ruwan da ya yi saura ba shi da hanyar fita sai dai ya shiga ƙwayar, ta fashe, ta saki sitaci, ta manne da 'yar'uwarta. Shi ya sa ake farawa da ƙasa da abin da lissafi ya bayar. A zuba lita 11, romo da ruwa a haɗe, a ajiye lita biyu a wata tukunya a gefen wuta suna tafasa. Soyayyen markaɗe ma yana ɗauke da nasa ruwan, ga wanda ya maƙale a jikin wankakkiyar shinkafa. 

Awon nan na gaɓar yatsa da aka saba yi a gida, ruwa ya haura shinkafa da gaɓa guda ko biyu, a yi hattara da shi a nan. A tukunya mai faɗin santimita 45, kowane santimita ɗaya na ruwa ya haura lita ɗaya da rabi. Ƙarin gaɓa guda da ido bai ɗauke shi komai ba lita uku ne ko fiye.

Duk wannan ga wadda ta wanke shinkafa ta tsane ta a kwando ta zuba ɗanya ne. Wadda ta saba fara tafasa ta ta tace, to shinkafarta ta riga ta sha wani kaso, ruwan da za ta bukata zai iya sauka zuwa rabi. A nan kada ruwa ya rufe shinkafar ma, ya tsaya daidai da samanta ko ƙasa kaɗan, tururi ya ƙarasa aikin.

Gishiri, magi da yaji

Ana yawan cewa ba a ninka gishiri a girkin taro. Maganar tana da amfani, amma dalilin da ake bayarwa ba daidai ba ne. Harshe yawan gishirin da ke cikin loma yake ji, kuma lomar da aka ɗebo daga babbar tukunya tana bukatar gishiri daidai da wadda aka ɗebo daga ƙarama. In an auna da kyau, gishiri yana ninkuwa kamar shinkafa. Wadda ta tsorata ta sa rabi za ta fitar da abinci lami, kuma wannan ma kuskure ne da ake yawan gani a taro.

Abin da ke sa ya zarce daban ne. Na farko, kuskuren awo ma ana ninka shi sau 15: cokalin da aka cika ya yi tudu yana ɗaukar kusan biyun shafaffe, kuma gishiri mai laushi ya fi mai tsakuwa cika cokali. Na biyu, gishiri yana shigowa ta ƙofofin da ba a ƙirga ba. Dunƙulen magi mai giram 4 kusan rabinsa gishiri ne. Romon nama yana ɗauke da yawancin abin da aka sa wajen tafasa. Garin kayan ɗanɗano na leda da ake sayarwa don dafa-duka shi ma gishiri ne da yawa a cikinsa. Na uku, a gidan taro hannu ya yi yawa. Wannan ta zo ta ɗanɗana ta ƙara, waccan ma ta zo ta ƙara, ba wadda ta san abin da 'yar'uwarta ta zuba.

Maganin duka ukun ɗaya ne. Tun da safe a auna gishirin ranar gaba ɗaya a kwano guda. A lissafinmu cokalin shayi 15 ne, wato babban cokalin awo biyar a shafe, kimanin giram 90. A ɓare magi 45 a ajiye kusa da shi. Mutum ɗaya ce za ta riƙe wannan kwano, kuma ba a ɗebo gishiri daga ko'ina sai daga cikinsa. A raba shi uku. Kashi ɗaya, wato giram 30 da magi 15, ya shiga tafasar nama. Kashi na biyu ya shiga sanwa bayan an haɗa markaɗe da romo da ruwa. Na uku a riƙe shi a hannu.

Lokacin ɗanɗanawa shi ne lokacin da sanwa ta tafasa, kafin shinkafa ta shiga. A juya sosai har ƙasa, domin a tukunya irin wannan magi yakan kwanta a gefe guda bai narke ba, a ɗebo a ludayi, a bari ya huce kaɗan, don harshe ba ya jin gishiri sosai a abu mai tsananin zafi. Ya kamata romon ya ɗan fi yadda ake son abincin gishiri, saboda kilo 7.5 na shinkafa marar gishiri na nan tafe. In ana shakka, a ɗebo ludayi biyu a kofi biyu, a barbaɗa wa ɗaya ɗan gishiri, a ɗanɗana su a jere. In mai ƙarin ya fi daɗi, tukunya na bukatar ƙari. Sai a narka rabin abin da ya rage a ruwan zafi a zuba, a juya, a jira minti biyu, a sake gwadawa. Sau da yawa kusan duk kason na uku yakan shiga, wani lokaci kuma a bar saura. Dama ta ƙarshe ita ce minti biyar bayan an zuba shinkafa, tun ruwa na yawo a samanta. Da zarar ta tsotse, gishirin da aka barbaɗa zai tsaya inda ya faɗa, wani ya ci loma mai ɗaci, wani ya ci lami.

In kuwa an makara ya zarce, jefa dankali a ciki ba ya cire gishiri. Dankalin romo yake sha kamar yadda shinkafa ke sha. Abin da ke aiki shi ne a dafa farar shinkafa kilo ɗaya ko biyu ba gishiri, a gauraya su tun suna da zafi. Launi zai ɗan kwanta, amma za a ci.

Attarugu kuwa da gangan ake rage shi. Lissafi ya ce 30, amma zafin attarugu ya bambanta ƙwarai, cikin kwando ɗaya ma wani ya ninka wani. Ban da haka, mutum huɗun gidanki kin san bakinsu, su kuwa 60 akwai yara da tsofaffi da masu gyambon ciki. A markaɗa 15 tare da kayan miya, a jajjaga sauran daban a ajiye, a ƙara bayan an ɗanɗana in da bukata. Ja da ƙamshi tattasai ne ke kawo su, shi kam a sa shi cikakke. A aje dakakken yaji a gefen tire, mai so ya ƙara.

Kori da tayim da citta da tafarnuwa a fara da kashi biyu cikin uku na abin da lissafi ya bayar, wato kori cokalin shayi biyar maimakon bakwai da rabi. Babbar tukunya tana daɗewa a wuta kuma tana riƙe ƙamshi a rufe, don haka kayan ƙamshi suna samun lokacin fitar da duk abin da ke cikinsu. Kanumfari da masoro, ga mai sa su, rabi ya isa, domin in suka yi yawa ɗaci suke kawowa su danne komai. Mai ma ba ya bukatar lita ɗaya da rabin da lissafi ya ce. Wani kaso na man girkin gida shafe gindin tukunya yake yi don kada albasa ta kama, gindin kuwa sau biyar ya ƙaru. Kwalba ɗaya da rabi, ɗan sama da lita ɗaya, ta wadatar, musamman da yake romon nama yana zuwa da nasa maiƙon.

Wuta da lokaci

Kan risho ko gas na ɗakin girki ba zai ɗauki wannan aiki ba. Lita 12 na ruwa kafin su tafasa a kansa sai an yi kusan awa guda, kuma harshen wutarsa tsakiyar gindi kawai yake bugu, sai wajen ya ƙone gefe bai ji komai ba. Ana bukatar murhu mai duwatsu uku da itace, ko babban kan gas na masu girkin biki. A daidaita duwatsun tun tukunya ba komai a ciki, a zuba ɗan ruwa a ga ya kwanta daidai. In ta karkace, ruwa zai taru a gefe ɗaya, can ta caɓe nan ta bushe.

Markaɗe ne ke cinye lokacin da ba a yi tsammani ba. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma markaɗen kilo 6 da tattasai da albasa, da ruwan da mai inji ya ƙara, zai kai lita takwas ko fiye. In aka juye shi haka a cikin mai, dahuwa zai yi ba suya ba, ya yi ta fantsama, tsaminsa kuma ya ƙi fita. A tafasa shi shi kaɗai a buɗe, ba mai, tun da sassafe, har ya koma ƙasa da rabi ya yi kauri. Sannan a soya albasa, a zuba shi. Alamar ya soyu ita ce mai ya taso sama ya ware, jan ya yi duhu, kuma in an ɗanɗana ba tsamin ɗanyen tumatir. Nama ma a soya shi kashi-kashi. In aka cika kasko, zafin mai zai faɗi, naman ya fitar da ruwa ya sha mai.

Dahuwar shinkafar kanta ba ta ninkuwa. Wadda ke nuna cikin rabin awa a gida za ta ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya a babbar tukunya. A zuba ta cikin sanwa mai tafasa sosai, a juya sau ɗaya har ƙasa, a rufe, a bar wuta da ƙarfinta har ta sake tafasowa. Da ruwa ya fara nutsewa, ƙananan ramuka suka bayyana a saman shinkafar suna huci, sai a janye itacen gaba ɗaya a bar garwashi, a baje shi ya kewaye gindin. Nan ne aka fi yin asara, domin ana ganin sama da tauri sai a ƙara iza wuta, alhali ta sama tururi take jira. A shimfiɗa takardar foyil a kan shinkafar a danne da murfi. Leda da buhun roba da wasu ke rufawa ba a yi su don zafi irin wannan ba, gara a bar su.

Bayan minti 15 a buɗe, a soka muciya a tsakiya har gindi, a ɗan ture a leƙa. In akwai ruwa kwance a ƙasa, kada a ƙara ko ɗigo, ko da saman ta yi tauri. A juyo ta ƙasa sama sau ɗaya, a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, a mayar da murfi. In ƙasan ya bushe kuma ƙwayar da aka murza a yatsa tana da farin tauri a ciki, a yayyafa rabin lita daga ruwan zafin da aka ajiye, a bi gefen tukunya da shi, a rufe. Ruwan sanyi yana kashe tururin da aka tara. Hanci ma yana aiki a nan: ɗan ƙamshin hayaƙi da ƙanzo mai launin ƙasa-ƙasa abin so ne a dafa-duka, amma da an ji ƙauri mai kaifi, a sauke nan take, kada a kankare gindin, a kwashe ta sama zuwa wata tukunya ta ƙarasa a can.

Bayan an sauke

A bar ta minti goma a rufe, sannan a kwashe. Lita 26 a raba wa mutum 60, kowa zai sami ƙasa kaɗan da rabin lita. Kafin a fara rabo a gwada da ludayin da za a yi aiki da shi, a ga nawa ne ke ba da wannan, a faɗa wa duk mai zubawa, in ba haka ba na farko za su sami tudu na ƙarshe su sami ƙanzo.

Shinkafa mai yawa tana daɗewa ba ta huce ba, kuma ɗumi-ɗumin nan da take zama a cikinsa shi ne haɗarinta. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke iya tsira daga dahuwa a jikin shinkafa. In abinci ya zauna da ɗumi sai ta yaɗu ta saki guba mai sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe wannan guba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a riƙe dafaffen abinci da zafi sama da digiri 60, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Don haka a tsara girkin ya sauka kusa da lokacin ci: in bayan azahar za a raba, shinkafa ta shiga tukunya wajen ƙarfe 12, nama da markaɗe an gama da su tun hantsi. A ɗauraye kuloli da tafasasshen ruwa kafin a zuba, a cika su, a rufe, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yi saura a rabar da shi tun da zafinsa, ko a baje shi a faranti marar zurfi ya huce da wuri a sa a firji, kada a bar shi ya kwana a kula.